Dawa ta rufe eriya: yadda saƙon na'urorin gona ya yanke da damina a yankin Kura

Wata ƙungiyar manoman rani da ke yankin Kura da Garun Malam, cikin filayen da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, ta kafa na'urori takwas a gonakinta a watan Fabrairu. Shida suna auna danshin ƙasa, biyu suna auna tsayin ruwa a ƙananan magudanai. Kowace na'ura akwati ce da ba ta wuce tafin hannu biyu ba, da batirinta a ciki, da 'yar gajeriyar eriya a kai, an ɗaure ta a turke mai tsayin mita 1. Duk rabin awa takan farka, ta auna, ta aika saƙo da rediyon LoRa, mai kai ƙananan saƙonni nesa ba tare da cin batir da yawa ba, zuwa uwar na'urar da ake kira getwe, wadda ke ɗakin ajiyar ƙungiyar a cikin gari. Getwe ɗin yana da layin waya a cikinsa, shi yake tura saƙonnin zuwa sabar The Things Network, wato kwamfutar da ke karɓar su ta intanet, daga nan alƙaluma su bayyana a wayar sakataren ƙungiya. Na'urar da ta fi kusa tana kilomita 1 daga gari, mafi nisa kuwa kilomita 6.

Daga Fabrairu har ƙarshen Yuni babu wanda ya yi ƙorafi. A watan Yuli na'urori uku mafi nisa suka fara tsallake saƙo. Zuwa tsakiyar Agusta, ta kilomita 6 takan yi shiru na kwanaki, ta dawo, ta sake ɓacewa, ɗaya daga cikin sauran biyun kuma batirinta yana ta yin ƙasa tun shekara ba ta zagayo ba. A lokacin ne aka kira ni.

Shugaban ƙungiyar yana da nasa bayanin. Ya ce min, "Injiniya, ruwan sama ne. Tunda damina ta kankama abin ya lalace. Ko dai a sayo mai ƙarfi?" Na ce masa, "Alhaji, lokacin da kuka lura da shi daidai ne, amma bari mu duba ko ruwan ne da kansa, ko abin da ruwan ya tsiro da shi." Ɗigon ruwan sama ba ya rage siginar wannan zangon wani abin a zo a gani, ko da kuwa ana sheƙa shi. Na'urorin suna aiki a megahaz 868, tsarin da ake kira EU868, wanda shi ake bi a Najeriya, kuma tsawon igiyar rediyon a nan kusan santimita 35 ne, ya fi ɗigon ruwa girma nesa ba kusa ba. Abin da ke wahalar da tauraron ɗan adam na talabijin in hadari ya haɗu ba shi ne ke damun LoRa ba. Batun mai ƙarfi kuma babu shi: tsarin ya ƙayyade abin da ke fita daga eriya a kan 16 dBm, wato ma'aunin ƙarfin sigina, kuma na'urorin nan tuni suna kan iyakar.

Kafin in je gona sai na zauna da sakataren muka buɗe tarihin saƙonni a saba. Kowane saƙon LoRaWAN, wato tsarin da na'urorin ke bi wajen magana da saba ta rediyon LoRa, yana ɗauke da lambar ƙidaya, wadda ake gani a allo da sunan fCnt, kuma tana ƙaruwa da ɗaya duk lokacin da na'ura ta aika, ko an ji ta ko ba a ji ba. Wannan lambar ita ce mabuɗin bincike. In lamba ta yi tsalle daga 8702 zuwa 8706, to na'urar tana raye, ta aika saƙo uku da suka ɓace a hanya. In lambar ta koma sifili kuma aka ga na'urar tana neman shiga sabuwa, to ta mutu ne ta farfaɗo, sai a tuhumi batir ko sakin waya. In kuma dukkan na'urori takwas suka yi giɓi a sa'a ɗaya, ba laifin gona ba ne, getwe ne ya ɗauke, ko wutarsa ko layin wayarsa.

Da muka jera su sai matsaloli biyu suka rabu. Akwai giɓin da ya shafi kowa da kowa, daga wajen ƙarfe uku na dare zuwa hantsi, a ranakun da aka wuni da hadari. Akwai kuma giɓin na'urori uku na nesa, wanda bai san dare ko rana ba, kuma yana ƙaruwa mako bayan mako. Ga abin da allo ya nuna na ta kilomita 6, layin farko a Maris, sauran a Agusta:

```
fCnt=1410  SF10  rssi=-115  snr=-3.0
fCnt=8702  SF12  rssi=-117  snr=-18.5
fCnt=8706  SF12  rssi=-117  snr=-19.8
```

A nan mutane da yawa suke ruɗewa. Wanda ya kalli RSSI, wato ƙarfin abin da getwe ya ji, shi kaɗai zai ce ai babu abin da ya canja, daga -115 zuwa -117. Dalili shi ne LoRa tana iya ɗauko saƙon da ya nutse ƙarƙashin hayaniyar rediyo, kuma da zarar sigina ta yi ƙasa da hayaniyar, abin da RSSI ke aunawa galibi hayaniyar ce, wadda a faɗin tashar nan takan tsaya a wajen -117. Lambar da ke faɗin gaskiya a wannan hali ita ce SNR, wato tazarar da ke tsakanin sigina da hayaniya. In ta zama ƙasa da sifili, a haɗa ta da RSSI a sami kimanin ƙarfin siginar na haƙiƙa. A Maris kenan muna wajen -118, a Agusta kuwa wajen -136. An yi asarar desibel 18, wato ma'aunin raguwa ko ƙaruwar sigina, kuma ba a rana ɗaya ba, a hankali ta riƙa zamewa tun daga Yuli.

SF kuma da ke gefe yana nuna yadda na'ura ke jan kowace alama ta saƙonta. Akwai mataki shida, daga SF7 zuwa SF12. Kowane mataki ɗaya sama yana kusan ninka lokacin da saƙo ke ɗauka a iska, a madadin haka getwe ya iya jin sa ko da ya ƙara rauni da desibel 2.5. A SF7 saƙo yana wucewa in SNR bai gaza -7.5 ba, a SF12 kuwa har -20. Na'urarmu tana kan -19.8 a SF12. Ta kai bango, babu sauran matakin da za ta hau.

Farashin wannan hawan shi ne abin da ya cinye batir. Saƙon da na'urorin ke aikawa bayit 10 ne, LoRaWAN ta ƙara nata 13, jimla 23. A SF7 yana ɗaukar kimanin daƙiƙa 0.06 a iska, a SF10 daƙiƙa 0.37, a SF12 kuwa daƙiƙa 1.48. Tsakanin SF7 da SF12 ninki 24 ne na lokacin da rediyo ke kunne tana zuƙar batir, saƙon kuma iri ɗaya. A saƙo 48 na yini guda, SF12 yana cin daƙiƙa 71, alhali ƙa'idar amfani da sabar kyauta ta The Things Network daƙiƙa 30 ce ga kowace na'ura a yini. Wato ko da saƙonnin suna isa, zama a SF12 duk rabin awa ba tsari ba ne da za a ɗora aiki a kai.

Shirun kwanakin da ya fi ba sakataren mamaki shi ma yana da bayani. Na'urorin suna da tsarin ADR a kunne, wanda ke barin saba ta zaɓa musu matakin SF gwargwadon yadda take jin su. Saba tana iya saukar da na'ura zuwa mataki mai sauri ne kawai in tana jin ta. In hanya ta lalace, na'urar ce da kanta za ta gane an daina jin ta, kuma tana da haƙuri: bayan saƙo 64 ba ta ji komai daga saba ba sai ta fara roƙon amsa, ta ƙara jira saƙo 32, sannan ta hau mataki ɗaya, ta sake jiran 32 kafin na gaba. Ga na'urar da ke aikawa duk rabin awa, saƙo 32 awa 16 ne, saƙo 96 kuma kwana biyu cur. ADR an yi shi ne don hanyar da ba ta canjawa, ita kuwa wannan tana canjawa da tsayin amfanin gona.

Da muka isa wurin na'urar ban ga turken ba sai da mai gonar ya nuna min. A Fabrairu wannan gefen fili ne fetal, tumatir a ƙasa bai kai gwiwa ba, gonakin tudu da ke tsakaninsa da gari kuwa an girbe su, ko kara babu. Yanzu masara ta kewaye turken, daga bayanta kuma gonakin dawa ne a jere, ta fi mutum tsayi, kuma ba ta gama tashi ba. Ganye ɗanye cike yake da ruwa, kuma igiyar rediyo da za ta ratsa mita ɗaruruwa na irinsa tana barin ƙarfinta a ciki. Kukoki da suka tsaya tsirara da rani su ma sun yi ganye. Gawo ne kaɗai ya saki nasa, kamar yadda ya saba da damina.

To amma dawa ba ita kaɗai ce mai laifi ba, ta zo ne ta tarar da hanya mai rauni. Sigina ba ta tafiya a siririn layi tsakanin eriya biyu. Tana buƙatar sarari mai siffar ƙwallon dabino, siriri a bakin kowace eriya, mai kauri a tsakiya, wanda masana ke kira yankin Fresnel. A nisan kilomita 6 a wannan zango, daga tsakiyar layin zuwa gefen wannan sarari kusan mita 23 ne a tsakiyar hanya, kuma ko a mita 100 kacal daga na'ura ya kai kusan mita 6. Eriyar da ke mita 1 daga ƙasa, tana magana da wadda ke mita 6 a kan rufi, rabin sararinta yana cikin ƙasa tun ranar farko. A fili shimfiɗaɗɗe irin na Kano da Jigawa ba za a taɓa samun cikakken sararin nan da turakun da manomi zai iya saya ba, don haka lissafin da ya dace shi ne wanda ya san ƙasa tana nan tana mayar da sigina:

```
L = 40*log10(d) - 20*log10(h1) - 20*log10(h2)
```

A nan d nisa ne, h1 da h2 tsayin eriyoyin biyu, duka da mita, L kuma asarar hanya da desibel. Da nisan mita 6000, getwe a mita 6, na'ura a mita 1, asarar ta kama kimanin 135.5. Na'ura tana fitar da 16, eriyar getwe tana ƙara 5, sai kuma wayar da ta haɗa eriyar da getwe ɗin da ke cikin ɗaki: mita 10 na siririyar waya RG58, wadda a wannan zango take cin kusan rabin desibel a kowace mita, wato 5. Abin da eriya ta samo, waya ta cinye. Jimla ta ba da -119.5, kusa ƙwarai da -118 ɗin da aka gani a Maris. Iyakar jin getwe a SF12 kuwa wajen -137 ce. Rarar da aka bari gaba ɗaya wajen desibel 18 ce kawai, kuma daidai ita damina ta zo ta karɓa.

Abin da nake so duk mai wannan aiki ya riƙe daga lissafin nan shi ne, duk lokacin da aka ninka tsayin eriya ɗaya, an sami desibel 6. Desibel 6 daidai yake da ninka ƙarfin rediyo sau huɗu, abin da ƙa'ida ba ta yarda ba, batir ma ba zai ɗauka ba. Ƙarin bututun ƙarfe kuwa ba ya cin batir.

Gyaran da muka yi a gona mai sauƙi ne. Muka sami bututun ƙarfe aka kafa shi da siminti, aka ɗaga na'urorin nesa zuwa mita 4, sama da inda dawar yankin ke tsayawa. Daga mita 1 zuwa 4 ninki biyu ne a jere, desibel 12 a lissafi, ban da fita daga cikin ganye. Akwai wata dabara a nan da ta cancanci a tsaya a kanta. Ba eriya kaɗai muka ɗaga muka ja mata waya zuwa akwatin da ke ƙasa ba, don da mun maimaita asarar da ke wajen getwe. Akwatin gaba ɗaya muka hau da shi, eriyarsa tana jikinsa a tsaye sak, sai muka tsawaita wayar abin awon da ke binne a ƙasa. Wannan wayar alƙaluma take ɗauka ta tsarin RS485, ƙarin 'yan mitoci ba ya rage mata komai. Muka zura ta cikin bututun saboda awaki da ɓeraye da bakin fartanya. A tsaye sak ɗin ma ba ado ba ne: eriyar getwe a tsaye take, in ta na'ura ta kwanta sai su saɓa, a yi asara mai yawa. Ɗaya daga cikin ukun ma a karkace muka same ta, shanu sun goga turken.

A cikin gari kuma akwai tankin ruwan famfon burtsatse a kan hasumiyar ƙarfe, 'yan taku daga ɗakin ajiyar. Shugaban ya nemi izinin mai unguwa da kwamitin ruwa, aka yarda. Muka sa getwe ɗin a akwatin da ruwa ba ya shiga, muka hau da shi, eriya ta tsaya a mita 12, saman tankin ba gefensa ba, don tanki cike da ruwa katanga ce ga duk na'urar da ke bayansa. Wayar da ke tsakanin eriya da getwe ta koma ƙasa da mita 1. Tsayi ya ba da desibel 6, gajarta waya ta mayar da kusan 4.5. Muka naɗe mahaɗan da tef mai narkewa ya haɗe, domin ruwan da ya shiga mahaɗar eriya yakan kashe sigina a hankali, kuma shi ne kaɗai hanyar da zan yarda ruwan sama da kansa ya yi ɓarna. Tunda yanzu eriyar ta fi komai tsayi a unguwar, aka sa mata abin kare tsawa, aka ja waya mai kauri zuwa sandar tagulla da aka kafa a ƙasa. Akwatin kuma an yi masa inuwa, don zafin Afrilu a cikin rufaffen akwati ya isa ya sa getwe ya riƙa ɗaukewa.

Giɓin dare kuwa lissafin wuta ne kawai. Getwe ɗin da layin wayarsa suna cin kimanin wat 5, ba dare ba rana, wato wat-awa 120 a yini. Batirin da ke wurin ƙarami ne mai 12V 7Ah, wat-awa 84 gaba ɗaya, kuma irin wannan batirin rabinsa kawai ake iya sha in ana so ya daɗe. Da rani rana takan cika shi ya lallaɓa ya kai safiya. A Agusta in aka wuni da lumshi bai cika ba, sai ya mutu kafin asuba. Muka sa mai 40Ah, wanda rabinsa ya isa kwana biyu ba rana, da faifan sola mai wat 60. Na kuma roƙi sakataren ya sa a riƙa goge faifan in hunturu ya shigo, don ƙurar da ke kwanciya a kai tana rage abin da yake bayarwa.

Lissafi ya ce ta kilomita 6 za ta koma wajen -97. Abin da allo ya nuna bayan gyara shi ne:

```
fCnt=9315  SF7  rssi=-105  snr=7.5
```

Bambancin desibel 8 tsakanin takarda da allo ba abin mamaki ba ne, lissafin bai san da darbejiya da mangwaro da gidajen da ke kan hanya ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne an auna wannan a lokacin da dawa ke tsaye, kuma tsakanin -105 da -137 akwai rarar desibel fiye da 30. Saba ta saukar da na'urar zuwa SF7 da kanta, lokacinta a iska ya koma kimanin daƙiƙa 3 a yini maimakon 71.

Wani daga cikin 'yan ƙungiyar ya tambaye ni, "Malam, tunda da rani muke buƙatar abin, me zai hana mu bar shi ya yi shirunsa da damina?" Tambaya ce mai ma'ana, amma kalandar gona ba ta yarda ba. Dawa tana tsaye har Nuwamba, wata ma ta kai Disamba, dashen tumatir kuwa ya fara kafin nan, kuma makonnin farko bayan dashe su ne lokacin da ake son sanin danshin ƙasa. Ga kuma batirin da zai ƙare a banza yana ƙoƙarin a ji shi.

Na'ura ɗaya ce ba ta warke sarai ba. Tana kilomita 4.5 ne kawai, amma a kwari take, kuma lambun mangwaro ya tsaya tsakaninta da gari, mita kaɗan daga turken. A mita 4 tana kallon tsakiyar ganyen ne, SNR ɗinta yana yawo tsakanin -8 da -12 gwargwadon iska da jiƙewar ganye. Muka matsar da bututun mita 30 zuwa inda ake hango saman tankin ta wata kafa tsakanin itatuwa, ya ƙaru kaɗan. Muka kashe mata ADR muka tsayar da ita a SF10, wanda iyakarsa -15 ce, don kada wani yini mai kyau ya sa saba ta saukar da ita matakin da ba za ta iya riƙewa ba. A haka tana cin kusan daƙiƙa 18 a yini, cikin ƙa'ida, kuma saƙon da ke ɓacewa kaɗan ne. Maganinta na dindindin getwe na biyu ne a ƙauyen da ke bayan kwarin. LoRaWAN ba ta ɗaure na'ura da getwe ɗaya, duk wanda ya ji saƙo zai tura shi, saba ta zubar da maimaici, don haka ba sai an taɓa saitin ko na'ura ɗaya ba. Ƙungiyar ta ajiye wannan sai bayan an sayar da tumatir, kuma mun yi magana cewa za a gwada wurin kafa shi a watan Satumba, lokacin da ganye ya cika.